Yadda ake ƙera baitoci daga haruffan sunan yaro don katin ranar haihuwa

Bara, da 'yar yayana ta cika shekara shida a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, na yi mata kati da hannuna. Na jera haruffan sunanta daga sama zuwa ƙasa, J, A, M, I, L, A, na ba kowane harafi kalma ɗaya mai daɗi. Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago kai ta ce, "Gwaggo, ina D ɗina? Wannan ba sunana ba ne." Gaskiyarta. A takardar haihuwarta Djamila aka rubuta, haka yake a bangon kayenta, haka malamarsu ke rubutawa a allon aji. Bana da za ta cika bakwai sai na sake zama na yi aikin da natsuwa, kuma hanyar da na bi ita ce zan shimfiɗa a nan daki-daki.

Abin da ake yi shi ne a tsayar da sunan yaro a tsaye, harafi bisa harafi, sannan kowane harafi ya zama farkon layi guda. In an karanta layukan a kwance a ji magana mai ma'ana, in an bi haruffan farko zuwa ƙasa a ga sunan. Malaman lakwal na kiransa akurostish, amma wasa da haruffan suna ba baƙo ba ne a wurinmu, domin marubuta waƙoƙin Hausa sun daɗe suna ɓoye sunansu a baitocin ƙarshe ta hanyar ambaton haruffansa ɗaya bayan ɗaya. Na san akwai gidajen da ba sa bikin zagayowar ranar haihuwa, kuma malamai sun yi magana a kai. Wanda gidansu ba a yi, wannan aikin zai yi masa amfani ranar saukar karatu, ko ranar da yaro ya ci jarrabawa, ko a barka da salla.

Fara da tsayar da rubutun sunan

A ƙasarmu wannan shi ne mataki na farko, kuma shi ne wanda aka fi tuntuɓe a kansa. Yaranmu na Garwa da Marwa da Ngaundare da Kusuri, har da na Njamena a ƙetaren kogi, yawancinsu suna da suna guda mai riga biyu. Akwai rubutun Faransanci na takardar haihuwa, akwai kuma yadda Bahaushe zai rubuta. Ousmanou da Usmanu, Djamila da Jamila, Zénabou da Zainabu, Aïcha da A'isha, Hadidja da Hadiza. Yawan haruffan ma ba ɗaya ba ne: Ousmanou takwas, Usmanu shida.

Ni dai a ganina, yaron da ya fara karatu, a bi rubutun da idonsa ya saba da shi. Daɗin katin duka yana cikin lokacin da zai sa yatsa ya bi haruffan ya gano kansa, to in bai gane sunan ba an yi aikin banza. Ka tambayi mahaifiyarsa, ko ka duba bangon kayensa. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka, don Aïssatou kaɗai ana rubuta ta iri biyu ko uku.

Sai dai rubutun Faransanci yana zuwa da matsalarsa in layukan da Hausa za a yi su. Kalmomin Hausa masu farawa da O kaɗan ne ƙwarai, kuma waɗanda ake da su, irin su oho da oda da ofis, ba su da wurin zama a katin yaro. Haka E. P da V kuwa babu su a haruffan Hausa. Saboda haka ga Ousmanou ko Oumarou ko Zénabou, hanyoyi biyu ne. Ko dai ka ɗauki O da U a matsayin harafi guda tunda sauti ɗaya suke bayarwa, ka rubuta OU babba a gefe, layin kuma ya fara da kalma mai U. Ko kuma ka koma rubutun Hausa gaba ɗaya, ka rubuta na lakwal a bangon katin, ka zauna ka nuna wa yaron cewa ga yadda ake rubuta sunansa da harshen gida. Na fi son ta biyun ga yaron da ya haura shekara takwas, don zai fahimta, har ya ji daɗin sanin sunansa ta fuska biyu. Ga ƙarami, ta farkon ta fi.

Djamila ba ta ba ni wannan wahalar ba. D da J duka suna da kalmomi jingim a Hausa, kuma haruffan bakwai ne, daidai da shekarunta. Wannan dacewa ce kawai, amma na yi amfani da ita.

Akwai ƙananan abubuwa uku da za a yanke tun yanzu. Alamar ɗauri da ke cikin A'isha ko Sa'adatu ba ta samun layi. Sh da Ts harafi guda-guda ne a Hausa, don haka Shafa'atu layinta na farko zai fara da Sh, ba S ita kaɗai ba. Sannan D daban, Ɗ daban, kamar yadda K da Ƙ suke, da B da Ɓ. Zuciya za ta so ta fara layin D da "ɗiyata", musamman da yake a waya mutane sun saba rubuta shi ba lanƙwasa. Ka daure. Kafa ba ƙafa ba ce, kuma yaron da ke koyon karatu bai kamata a rikita masa su ba tun daga katin da zai riƙa dubawa kullum.

Batun alkunya ma a nan ake duba shi. Uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ko yaron da aka sa wa sunan kakansa ake kiransa Abba ko Baffa, ko yarinyar da ake ce wa Ummi, to laƙabin gida shi ya fi dacewa. Gajere ne, kowa na iya karanta katin da ƙarfi a tsakar gida ba tare da an ji nauyi ba. Haka dogon suna irin Abdourahamane, mai haruffa goma sha uku: layi goma sha uku ba zai shiga kati ba, yaron ma zai gaji kafin tsakiya. A ɗauki sunan da ake kiransa da shi in za a aike shi.

Tara yaron kafin ka taɓa haruffa

Kuskuren da na yi bara, ban da mancewa da D, shi ne na fara da haruffa. Na dubi J na ce jaruma, na dubi M na ce mutunci, I ilimi, L ladabi, A biyun kuma albarka da alheri. Kalmomi ne masu kyau, amma cire sunan ka ba kowace yarinya a unguwa, zai zauna mata daidai. Harafi ne ya zaɓa mini abin faɗa, alhali ni ya kamata in zo da abin faɗa in nema masa ƙofar shiga.

Saboda haka ka ajiye sunan gefe. Ɗauki takarda, ka rubuta abubuwa goma ko sha biyu da ka gani da idonka game da yaron a wannan shekara. Ba halaye a dunƙule ba, ayyuka. Me yake yi da safe? Wa ya fi manne wa? Me ya koya bana wanda bara bai iya ba? Wace magana ce ba ta barin bakinsa? In ba gida ɗaya kuke ba, kira uwarsa ko yayarsa, minti biyar sun isa.

Ga abin da na tara game da Djamila. Ita ke cika wa kakarta buta kafin magariba, ba wanda ya sa ta. Tambaya ba ta ƙare mata, har babanta kan ce ta bar shi ya sha ruwa tukuna. Da safe lakwal, da yamma makarantar allo, kuma ba ta fashi. Dariyarta ana jin ta daga zaure. Ni na goya ta tana jaririya. Tana famfara, haƙoran gaba biyu sun fita. Tana tsoron duhu. Ta fi yayanta saurin hadda. 'Yar gaban goshin babanta ce.

Yanzu sai tankaɗe. Tsoron duhu ya fita, don kati ba wurin tona rauni ba ne, kuma a gaban mutane za a karanta. Famfara ma na cire. Manya na ganin abin sha'awa ne, ita kuwa tana rufe baki da hannu in za ta yi dariya a gaban baƙi. Maganar ta fi yayanta hadda ita ce mafi haɗari, domin yayan yana tsaye a wurin lokacin da za a karanta, kuma zai riƙe ta. Duk layin da ya ɗaga yaro ta hanyar taka wani, a jefar. Haka yawan zuzuta kyawun fuska: iyaye da dama ba sa so saboda gudun baki, kuma ba abin da yaron ya yi da ƙoƙarinsa ba ne. Abin da ya rage mini shida: dariya, goyo, buta, tambaya, karatu biyu, da shaƙuwa da uba. Ƙara addu'a guda, bakwai ke nan.

Raba wa kowane harafi aikinsa

Kafin a haɗa abu da harafi, a tuna cewa layukan tafiya ɗaya za su yi, ba tsintar kalmomi ba. Tsarin da ya fi yi mini aiki shi ne layin farko ya kama yaron da wani abu da kowa ya san shi da shi, na tsakiya su kawo shekarunsa da ayyukansa, na ƙarshe ya zama addu'a. Sunayenmu da yawa na ƙarewa da A ko U, kuma wannan sa'a ce, don Allah, Albarka da Ubangiji duk suna nan suna jira.

Fara da harafin da ya fi wuya, ba na farko ba. A Djamila, L ce mai ƙarancin zaɓi, sai J. Na rubuta duk kalmomin L da suka zo mini: ladabi, lafiya, lada, lalle, littafi, lokaci, lakwal. Na dubi jerin abubuwana, sai ga lakwal ta yi daidai da maganar karatu biyu. An gama da L. Ga J na rubuta jiya, jaruma, jika, jinƙai, jira. Jika ta so ta ja ni wajen maganar kaka, amma jiya ta fi, don ita ce ƙofar maganar goyo. D ta ɗauki dariya ba gardama.

Sauran haruffan, sirrinsu shi ne ƙananan kalmomi. Mai farawa yakan ɗauka dole layi ya buɗe da babbar kalma mai nauyi, alhali kalmomin haɗi su suka fi sauƙin juyawa. M tana da "mai", wadda za ta iya ɗaukar kowane aiki a duniya: mai cika buta, mai rakiyar ƙane, mai shara ba a sa ta ba. I tana da "in" da "idan" da "ina". A tana da "ashe", "an", "a". K tana da "kin", "ka", "kullum". H tana da "har". S tana da "sai". T tana da "tun". N tana da "na" da "nan". Da waɗannan, abin da kake son faɗa shi ke jan ragama, harafin kuma ya bi.

In harafi ya maimaitu, kowanne a ba shi aiki daban. Mahamat, yadda ake rubuta shi a Chadi, yana da A uku da M biyu. In ka fara duka ukun da Allah, katin ya zama jerin addu'o'i, yaron ya ɓace a ciki. Sai ka ba ta farko "ashe", ta biyu "a" ta wuri, kamar "a filin ƙwallo", ta ukun ka bar wa addu'a, T ta rufe da wani abu kamar "to, barka da shekara". A Djamila A biyu ce: ta farko na ba ta "ashe" don ta ɗauki shekaru, ta ƙarshe addu'a.

Rubutun farko, da gyaransa

Ga yadda ya fara fito mini, ban tsaya auna komai ba:

Dariyarki tana cika gidan Kaka kullum da safe
Jiya-jiya nake goya ki a bayana
Ashe har kin kai shekara bakwai
Mai cika wa Kaka buta
Idan ana maganar tambaya ke ce a gaba
Lakwal da makarantar allo duk kina zuwa
Allah ya raya mana ke ya yi miki albarka

Ma'anar ta zauna, amma karanta shi da ƙarfi ka ji yadda yake ɗingishi. Wani layin dogo, wani guntu, ƙarshensu kuma kowanne ya kama gabansa. Gyara biyu ake yi a nan: daidaita tsawo, da daidaita amsa-amo.

Tsawo da gaɓa ake auna shi, ba da yawan kalmomi ba. Faɗi layin a hankali kana lanƙwasa yatsa a kowace gaɓa. Da-ri-yar-ki, huɗu ke nan. Layin farko na sama ya kai goma sha bakwai, na huɗu kuwa takwas, shi ya sa kunne ya ƙi su tare. Ga yaro ɗan shekara shida zuwa tara, gaɓa takwas zuwa goma ita ce daidai: numfashi ɗaya ya ɗauke ta, kuma tana shiga faɗin kati ba ta karye ba. Na tsayar da tara. Ba dole kowane layi ya faɗa daidai cif ba, bambancin gaɓa ɗaya ba ya damun kunne, amma uku ko huɗu yana yi.

Amsa-amo kuwa, wato sautin da layuka ke ƙarewa da shi, dubi ƙarshen sunan ka ɗauka daga can. Djamila na ƙarewa da "a", kuma a Hausa ba abin da ya fi wannan yawa. Sai na nufi kowane layi ya sauka a kan "a", na ƙarshe ya sauka a kan sunan kansa. Ga Usmanu za ka nemi "u", ga Hadi ko Sani "i". In ya ƙi, kada ka murɗe magana don amo. Layi mai gaskiya marar amo ya fi layi mai amo wanda ba haka ake faɗa ba.

Layin farko na yanke "kullum da safe", na kuma cire Kaka tunda tana da nata layin a gaba. "Dariyarki ke cika gida" ya ba ni tara, amma "cika" za ta sake fitowa a maganar buta, sai na musanya da "raya". Na biyu na mayar da shi "Jiya kina goye a baya", na fitar da kaina daga ciki, don ba ni kaɗai na goya ta ba, kuma uwarta na wurin. Na uku na cire "shekara", kowa ya san bakwai ɗin me ake nufi, sai wuri ya samu na shigar da "'yar Baba". Na huɗu ya rasa gaɓa ɗaya, "buta" ta koma "butarta", ya cika kuma ya fi nuna ta kakar ce. Na biyar "idan" ta koma "in". Na shida "makarantar allo" ta koma "allo", yadda muke faɗa a gida.

Na ƙarshe na daɗe a kansa. "Allah raya mana Djamila" gaɓa tara ne cif, kuma shi ne abin da ke bakin kowa. Amma katin yaro yakan kwana a ƙasa, ƙane ya ja shi, ya bi shara. Ban so sunan Allah ya je can. Sai na zaɓi albarka, addu'ar kuma na yi mata da baki. Wanda ya san katin zai samu ma'aji mai kyau yana iya barin na farkon. Aya dai ko hadisi ban ba da shawarar a sa a irin wannan takarda ba sam.

Ga yadda ya tsaya:

Dariyarki ke raya gida,
Jiya kina goye a baya,
Ashe kin kai bakwai, 'yar Baba,
Mai cika wa Kaka butarta.
In tambaya ce, ke ce gaba,
Lakwal da allo duk kin haɗa,
Albarka ta bi ki, Djamila.

Kafin ka hau kati, gwada shi. Rufe layin ƙarshe da yatsa, ka karanta wa wani na gida sauran ba tare da ka faɗi na wa ba ne. Na karanta wa matar yayana, ina kaiwa kan buta ta ce, "Yaya, ai wannan mutuniyar Kaka ce." In mai sauraro ya kasa ganewa, layukan sun yi faɗi da yawa, koma kan jerin abubuwanka ka ɗauko wanda ya fi kama yaron. Sannan ka duba ko akwai kalmar da ta fi ƙarfinsa. Yaranmu na tashi da Hausa a gida, Fulatanci ko Larabcin Chadi a titi, Faransanci a aji, don haka tsohuwar kalma mai zurfi irin ta waƙoƙin da, ko da ta burge manya, shi ba za ta ce masa komai ba.

Ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, duk wannan ya yi yawa. Kalma biyu ko uku a layi sun isa, kuma a bar maganar amo. Ali, misali: "Autan Inna, Lelen Baba, Ina son ka." Shi ke nan, kuma zai haddace shi a ranar.

Ɗora shi a kati

Sayi takardar biristol fara ko mai haske a shagon kayan lakwal, girman takardar da ake buga wasiƙa, wato santimita 21 a faɗi da 29.7 a tsawo. Ninka ta biyu, za ka samu kati mai faɗin kusan 15 da tsawon 21. Sayi biyu, don ta farko takan lalace. Kana buƙatar fensir, rula, magogin fensir, bik baƙi, da alƙalamin launi guda ɗaya ko biyu.

Baitocin a shafin ciki na dama za su zauna. Bar santimita 2 a sama da 2 a ƙasa, saura 17. Ware 3 a ƙasa don sa hannu da kwanan wata, saura 14. Raba da yawan haruffan sunan: bakwai ya ba ni santimita 2 ga kowane layi. In sunan mai haruffa biyar ne za ka samu kusan 3, sai ka ƙara girman rubutu. Ja layukan da fensir a hankali yadda za su gogu. Daga hagu bar santimita ɗaya da rabi, ka ja layi a tsaye. A kansa manyan haruffan za su jeru, kowanne tsawon santimita ɗaya da rabi, da launi ɗaya tak. In ka ba kowane harafi launinsa, ido ba zai haɗa su ya ga suna ba. Sauran layin da baƙin bik, ƙananan haruffa rabe-rabe, ba rubutun haɗe ba, sai in ka tabbata yaron ya saba da shi a aji.

Wurin da ya rage wa kowane layi kusan santimita 10 ne, kuma layi mai gaɓa tara yana da haruffa ashirin da 'yan kai, don haka zai shiga in ba ka buɗa hannu da yawa ba. Rubuta mafi tsawon layin da fensir tukuna ka gani. In wani layi ya ƙi shiga ya gangaro ƙasa, kada ragowarsa ta fara daga gefen hagu, don za ta shiga jerin manyan haruffa ta ɓata sunan; tura ta ciki sosai. Mafi kyau dai a koma a rage layin.

A watannin zafi na Maris da Afrilu, gumin hannu kaɗai ya isa ya jagwalgwala tawada, sai ka sa wata takarda a ƙarƙashin tafin hannunka. Gwada alƙalamin launin a gefen biristol ɗin da ka ajiye, wani yakan huda ya fito ta baya. Kuma kada ka goge fensir sai tawada ta bushe sarai, ka ba ta kamar minti goma.

In ka fi son a buga maka a wurin masu kwamfuta, tsaya a kansu har a gama. Abu uku ke faruwa. Za su so su tsakaita layukan don ya yi kyau a ido, wanda ke wargaza jerin haruffan farko. Ka ce a jingina komai a hagu. Kwamfutar da aka saita da Faransanci takan canja kalmomin Hausa da kanta, don haka karanta kowane layi a fuskar na'urar kafin a buga. Sannan haruffa masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ, a wasu nau'o'in rubutu sukan fito kamar ɗan akwati ko su canja siffa. A nawa "haɗa" ce kaɗai mai wannan. In ta ƙi, a buga d, kai kuma ka ƙara mata lanƙwasar da baƙin bik. A fara bugawa a farar takarda ta gwaji kafin a sa biristol.

A bangon gaba rubuta "Barka da cika shekara bakwai" da babban 7, ya isa. Ado kaɗan, kuma in za ka zana wani abu, zana abin da ke cikin baitocin. Ni 'yar buta na zana a kusurwa.

Ranar bayarwa

Kada ka miƙa katin ka juya. Yaron da ya koyi karatu da Faransanci zai karanta Hausa da bakin Faransanci: c ta "cika" zai faɗe ta kamar s, u zai tsuke ta, h kuma ya haɗiye. Zaunar da shi kusa da kai, ka karanta masa sau ɗaya da ƙarfi yadda amon zai fito, sannan ka ce ya duba manyan haruffan masu launi daga sama zuwa ƙasa. Kada ka faɗa masa abin da zai gani. Djamila ta sa yatsa tana kiran su ɗaya-ɗaya, tana kaiwa M ta tsaya, ta dube ni ta ce, "Gwaggo, ni ce!" Daga nan ta kwasa da gudu ɗakin Kaka.

Ka shirya wa 'yan'uwansa, don kafin yamma kowa zai zo da nasa sunan. Faɗa wa kowanne watan da nasa zai zo, ka rubuta a gabansa, ka kuma cika. A bayan katin sa kwanan wata da shekarar, sannan ka kwafe baitocin a kayenka. Baɗi haruffan ba za su canja ba, D ɗin nan da J ɗin nan za su dawo, kuma kwafin ne zai nuna maka kalmomin da ka riga ka kashe. A shafin da ke kallon nawa na fara sabon jeri tun yanzu, abu na farko da na rubuta shi ne ta fara koya wa ƙanenta ƙirga da Faransanci a bakin murhu.